In sa wa wasana kuɗi ko in bar shi kyauta?

Tambaya: Mu uku ne, mun kusa gama ƙaramin wasan waya. Masu bugawa ba masu hali ba ne. Mu sayar sau ɗaya, ko mu sake shi kyauta?

Amsa: Ɗan'uwa, fara da lissafi. A ce kun sa dala 1. Google Play zai cire kashi 15 cikin 100, ku tashi da santi 85. Mutum 1,000 su saya, dala 850 ke nan. Sai dai wanda katinsa ba ya biya a manhaja, ko yana so ba zai saya ba.

Na kyauta kuwa talla ce ke ciyar da shi, ita kuma sai da taron jama'a masu dawowa kullum, ga cin data. In mutum ya buga yau gobe bai leƙo ba, ba ku samu komai ba. Ku uku za ku iya ƙara sabbin matakai duk wata?

Ni dai da zan ba da matakai goman farko kyauta, sauran a buɗe da biya ɗaya a cikin wasan. Ku lura kuma, a Google Play wasan da aka saki kyauta ba ya komawa na kuɗi.