Na duba, ba matsala: me ya sa shugaba ya maido mini takardata?

Tambaya: Yaya, ina koyon aikin binciken lissafi a wani ofishi nan Maradi. Na ƙirga kayan sito na wani ɗan kasuwa, na rubuta "na duba, ba matsala", sai shugabana ya maido mini takardar. Ina laifina, alhali na yi aikin?

Amsa: Ƙanena, aikin ka yi shi, amma a kanka ya tsaya. Ƙa'idar ISA 230, wato ma'aunin duniya kan takardun aikin binciken lissafi, tana son takardar aiki ta wadatar da ƙwararren mai bincike da bai taɓa shiga siton ba, ya gane me ka yi, me ka samu, da hukuncin da ka yanke. Bayanin baki ba ya zama hujja shi kaɗai.

A ce littafi ya nuna buhun wake 1,200 ranar 31 ga Disamba, kai kuma ka ƙirga 1,160. Sai ka rubuta ranar ƙirgar, wane sito, da wa kuka ƙirga, sannan ka bi sawun buhu 40 ɗin. Ka tarar da takardar fitar kaya mai kwanan wata 30 ga Disamba, mota ta ɗauke su zuwa Ɗan Isa, amma faktir ba a yanka ta ba sai 3 ga Janairu. Rubuta lambar kowace takarda, ka liƙa kwafinta. In buhu jaka 25 ne, kayan miliyan ɗaya na sefa ke nan aka bari a lissafin sito alhali sun fita, cinikin kuma ya faɗa sabuwar shekara. Ƙarshen takardar ya faɗi haka a fili, da gyaran da ka nema, da amsar kontabul ɗinsu. Ka sa sunanka da ranar da ka gama.

Shi ma shugaba sai ya bar sawu: sunansa, ranar da ya duba, da iyakar abin da ya duba. Na sha ganin sa hannu ba kwanan wata, kuma wannan ba ya nuna an duba kafin a fitar da rahoto. In ya yi maka tambaya, gyara takardar kanta, kada ka amsa masa a bakin ƙofa.

Bayan ranar rahoto, galibi kwana 60 ake bayarwa a kammala haɗa kundin takardun binciken. Daga nan ba a goge komai. In ƙari ya zama dole, a rubuta dalili, da wanda ya yi, da wanda ya duba, da ranar.

Ma'aunin duniya ya ce a ajiye kundin aƙalla shekara 5 daga ranar rahoto. Dokar lissafi ta OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci ta ƙasashen Afirka da Nijar ke ciki, kuma ta ɗora wa ɗan kasuwar ajiye littattafansa da takardun shaida shekara 10, shi ya sa nake ba da shawarar ofishi ma ya kai 10. Rikicin abokan hannun jari ko na banki yakan taso bayan shekaru, lokacin kai ka bar ofishin, waken an cinye, kotu kuma kundin za ta nema. Ka ɗauki hoton rasit na inji tun yau, domin zafin Maradi yana goge rubutunsa.