CV ɗin da ake ajiyewa daban, wanda ake turawa daban

"Yaya, barka da aiki. Biza ta fito, a watan Satumba zan shigo Ingila karatun digiri na biyu. Ga CV ɗina nan na turo, shafi biyar ne. Don Allah ka gyara min shi ya zama guda ɗaya mai kyau, wanda zan riƙa turawa duk inda na ga aiki."

Ƙanena, na buɗe, na karanta shafi biyar ɗin duka, kuma ba zan mayar maka da shi guda ɗaya ba. Kai ne na huɗu da ya roƙe ni wannan a bana, kuma abin yana taɓa ni, domin da irin wannan tunanin na ɓata wata bakwai a Manchester ina tura takarda ɗaya ga kowa, ina tashi da asuba ina duba imel, babu ko kiran intabiyu ɗaya. Har na fara zargin sunana ne matsalar. Ba na cewa ba a nuna bambanci a ƙasar nan, ana yi, amma a lokacin takardata ce ba ta yi wa kowa magana.

Shafi biyar ɗinka kada ka yar. Shi ne zai zama rumbunka. Ka ƙara masa ma, ya kai shafi takwas in ya so, domin ba wanda zai taɓa ganinsa sai kai. Daga cikinsa za ka riƙa ɗibar abin da za ka tura, kuma abin turawa a nan ba ya wuce shafi biyu.

Kafin komai ka share hoto, ranar haihuwa, addini, jiha, ƙaramar hukuma da maganar aure. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta hana ɗaukar aiki bisa shekaru ko addini ko jinsi, shi ya sa masu ɗaukar aiki ba sa son ganin waɗannan a takarda. Sunayen mutum uku da ka jera a ƙarshe a matsayin masu tsaya maka, da lambobin wayarsu, ka bar su a rumbu, za a tambaye ka in lokaci ya yi.

Yanzu ga inda aikin yake. Na ga ka rubuta shekara huɗu a siton asibiti, ka bi shi da layi ɗaya cewa kana kula da kaya. Ni ma daga siton asibiti na fito, na san abin da ke cikin shekara huɗun nan. Ka zauna da biro ka tuna ranar Litinin ɗinka daga safe zuwa yamma. Kaya iri nawa ne a hannunka? Sau nawa a wata ake ƙirga su? In lissafin takarda bai yi daidai da abin da ke kan kanta ba, wa ke bin sawu? Wa ke haɗa rahoton ƙarshen wata, da wace manhaja, wa ake kai wa? Ka taɓa koya wa sabon ma'aikaci aiki? Kowace amsa layi ɗaya ce a rumbu, da adadinta. A ƙarƙashin aiki guda za ka iya samun layi goma sha biyar. Ka yi wannan tun kana gida, inda za ka iya komawa ofis ka duba rajista ka tabbatar da adadin. Ni sai da na zo nan na fara kiran tsoffin abokan aiki ina tambayarsu kaya iri nawa muke riƙewa, wasu ba su ɗauka ba, wasu sun manta.

A gaban kowane layi ina sa alama tsakanin baka, wadda ke nuna irin aikin da layin zai yi wa amfani. Misali daga nawa:

```
[STOCK] Ran monthly counts on 600+ stock lines
[STOCK] Traced and resolved stock discrepancies
[DATA] Maintained daily issue records in Excel
[DATA] Produced monthly usage reports for management
[PEOPLE] Trained two new store assistants
```

Bari in nuna maka yadda wannan ya yi min aiki a mako guda. Talla biyu na gani. Na farko wani kamfanin rarraba kaya ne yana neman `Stock Controller`. Na biyu ofishin wani asibiti ne yana neman `Data Administrator`. Mutum ɗaya ne ni, tarihina ɗaya, amma wanda zai karanta na farko yana son ya san ko in kaya sun ɓace zan gano inda suka shiga, na biyu kuma yana son ya san ko za a ba ni bayanan marasa lafiya in shigar babu kuskure, in kuma riƙe sirri.

Na fara da tallan kamfanin. Na karanta shi sau biyu, na ja layi a ƙarƙashin abin da suka maimaita, na samu abu biyar. Na buɗe rumbu, kuma kafin in taɓa ko harafi ɗaya na danna `Save As` na ba shi sabon suna. Wannan matakin kada ka taɓa tsallake shi, domin ranar da ka yi yanka a cikin rumbun kansa ka adana, layukan da ka share sun tafi. Daga nan sai yanka. A ƙarƙashin aikin sito na bar layukan ƙirga kaya a sama, na bar layin Excel guda ɗaya a ƙasa, na bar na koyar da ma'aikata saboda tallan ya ambaci jagorantar ƙaramin rukuni, sauran na share. Layi biyar suka rage daga goma sha biyar. Sai na sake rubuta layi ukun gabatarwa da ke saman takarda, wanda shi kaɗai ne nake rubutawa sabo kowane lokaci. A ƙarshe na daidaita kalmomi: tallan ya ce `stock reconciliation`, ni kuma na rubuta `discrepancies`, aikin ɗaya ne, sai na ɗauki kalmarsu. Minti ashirin da biyar ya ɗauke ni.

Na asibitin na juya tsarin. Rajistar kullum da rahoton wata suka hau sama, ƙirga kaya ya koma layi ɗaya. A nan ne na gane rumbuna ba shi da komai a kan riƙe sirri, alhali shekara huɗu ina ganin takardun magani masu sunayen marasa lafiya ina kulle su a kabad. Na rubuta layin, na sa a takardar, sannan na koma na zuba shi a rumbu. Ka riƙe wannan ɗabi'ar: duk layin da ka gyara ya fi na da kyau, ka mayar da shi rumbu a ranar. In ba haka ba, bayan wata uku za ka tarar da fayil talatin, kowanne da gyaransa, ba ka san wanne ne na gaskiya ba.

Ka sani kuma yawancin ayyukan NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnatin Birtaniya, ba CV ake ɗorawa ba, fom ake cikewa a intanet, da wani babban fili mai suna `Supporting information`. Tare da tallan akwai `Person specification`, inda aka raba sharuɗɗa gida biyu, `Essential` da `Desirable`, kuma da wannan jerin ake ba ka maki. Rumbun ne dai zai cece ka, ka ɗauki sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, ka ɗebo layin da ya dace da kowanne ka faɗaɗa shi zuwa jimla biyu ko uku.

Akwai abin da ba a taɓawa ko da wane aiki kake nema: sunan muƙaminka, sunan wurin aiki, watan farawa da na barin aiki, da matakin digirinka. Waɗannan a rumbu ake rubuta su sau ɗaya, daidai da abin da ke cikin takardar ɗaukarka aiki. Wannan ya taɓa cizona. A wata takarda na rubuta na bar aiki a watan Maris, a fom ɗin wuri ɗaya kuma na rubuta Mayu, saboda daga ka na cike fom ɗin. Sun ba ni aikin, sannan wajen tantancewa suka tsaya a kan wata biyun nan. Mako uku ina aika imel Kano ina neman wanda zai sa hannu a wasiƙa, ga kuɗin haya yana jira. NHS ma takan nemi shaidar abin da ka yi a shekara ukun da suka wuce, don haka ka karɓo wasiƙar barin aiki mai kwanan wata kafin ka hau jirgi. Kuma don Allah kada wani ya ruɗe ka da cewa ka kwafe duk kalmomin talla ka zuba. In ka rubuta ka iya manhajar SAP alhali ba ka taɓa buɗe ta ba, tambaya ta biyu a intabiyu za ta tona ka.

Game da manhajar tace takardu da ake ta tsoratar da ku da ita, abin da na gani shi ne takarda mai ado ce ke wahala. Naka yana da shafi mai gida biyu da akwatuna da tambari. Ka gwada da kanka: `Ctrl+A`, `Ctrl+C`, ka manna a Notepad. In rubutun ya fito a jere yana karantuwa, to lafiya. In kwanan wata ya rabu da aikinsa, ko lambar wayarka ta ɓace saboda tana cikin `Header`, haka ma zai iya fitowa a wajensu. Ka gina rumbun da rubutu miƙaƙƙe tun farko, duk 'ya'yansa za su gaji hakan.

Kafin turawa minti biyu nake ɗauka. Ina danna `Ctrl+F` in nemi alamar `[` don kada wata alama ta rage. Ina neman sunan kamfanin da na tura wa na baya, domin na taɓa ganin wani ɗan garinmu ya tura gabatarwa tana yabon wani kamfani daban. Sannan in adana da suna mai ma'ana, sunana da muƙamin, ba `CV final 3` ba. Kowace takarda tana da foldarta, kuma a ciki ina ajiye kwafin tallan, saboda ana sauke talla da zarar an rufe karɓa, kiran intabiyu kuma yakan zo bayan mako uku ko huɗu. Ranar da aka kira ni aikin da nake yi yanzu, foldar na buɗe na ga ainihin abin da na gaya musu da abin da suka nema, da shi na yi shiri.

Abu na ƙarshe da ya shafe ka kai tsaye: bizar ɗalibi awa 20 a mako ta yarda ka yi aiki lokacin karatu. Saboda haka takardun da za ka fara fitarwa na aikin wucin gadi ne, sito ko kanti ko kula da tsofaffi. Waɗannan shafi ɗaya ya isa, ranaku da awannin da kake da sarari su zo a sama, aikin hannu ya biyo, digiri ya koma layi biyu a ƙasa. Na ofis sai ka kusa gamawa.

Ka koma kan aikin siton nan, ka rubuto min layi goma sha biyar da adadinsu, ka haɗo da talla guda na gaske da ka gani. A kansa za mu yi yankan farko tare ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku. Ka gaida Hajiya.