Yadda ake tura babban fayil idan intanet na yankewa

"Ina da bidiyon biki mai gigabait 4, kullum sai ya kusa gama hawa netwok ya yanke ko a ɗauke wuta. Yaya zan yi?"

Malam, daina tura shi dunƙule guda, yanka shi za ka yi. Sauke manhajar 7-Zip a kwamfuta, kyauta ce, ka buɗe tagar rubuta umarni a foldar da bidiyon yake, ka rubuta:

```
7z a -v200m -mx0 biki.7z biki.mp4
```

Zai fito maka da gutsattsari kamar 20 masu megabait 200 kowanne, daga biki.7z.001 zuwa sama. Wannan -mx0 ɗin yana hana matsewa, domin bidiyo a matse yake tun asali, sake matse shi ɓata caji ne kawai. Ka riƙa ɗora su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya katse shi kaɗai za ka maimaita. Idan netwok ɗin unguwarku ya cika rauni, mayar da 200m zuwa 50m.

Mai karɓa ya tara su duka a folda ɗaya, kada ya canza musu suna, sannan ya buɗe na 001 da 7-Zip. Idan ya ƙi buɗewa, ku gwada girman kowane gutsure. Duk wanda bai kai sauran ba, ban da na ƙarshe, shi ne bai sauka duka ba. Kada ka goge ainihin bidiyon sai ya tabbatar maka ya buɗe.