Ina cikin takaba da cikin wata shida, suna so su raba gado

Assalamu alaikum Anti. Mijina ya rasu wata guda da ya wuce, ya bar ni da ciki, yanzu watansa shida, kuma shi ne cikina na fari. Tun ba a share makoki ba yayansa ya karɓe makullin shago, ya ce amana ce zai riƙe. Yanzu kuma ya aiko cewa da an yi sadakar arba'in za a raba gado, in tattara kayana in koma gidanmu, domin akwai mai sayen gidan. Anti, ina zan je da wannan ciki? Gidan da aka kawo ni ina amarya, gidan da na yi jinyarsa a ciki, shi ake cewa in fita kamar wata baƙuwa. Hajiya mahaifiyarsu ba ta ce komai ba, ɗaya ɗan'uwan nasu da ƙanwarsu kuwa duk bakinsu ɗaya da shi. Ko cefane babu wanda ya taɓa aiko mini, sai abin da babana ya kawo. Ni ba dukiya ce ta dame ni ba, domin har rubu'i suka ce za su ba ni daga abin da aka ƙiyasta, naira miliyan 12 bayan an cire bashi, kuma na san sun kyauta. Korar ce take ci mini rai. Shin ba ni da hakkin a ciyar da ni, a bar ni in haihu a ɗakina? Da yana raye wa zai ce in fita?

Mai takaba, daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ki haƙuri, ya sauke ki lafiya. Ban ji ta bakin dangin mijinki ba, don haka ba zan yanke musu hukunci ba, amma akwai magana ɗaya a wasiƙarki da kika yi godiya a kanta, alhali ita ce ta fi tayar mini da hankali, wato rubu'in nan.

Allah ya yanka wa mace rubu'i, kashi ɗaya cikin huɗu, idan mijinta bai bar ɗa ba. Idan ya bar ɗa ko 'ya, rabonta sumuni ne, ɗaya cikin takwas, kamar yadda yake a aya ta 12 ta Suratun Nisa'i. Saboda haka duk wanda ya miƙa miki rubu'i kina ɗauke da cikin mamacin, ya riga ya yi lissafinsa kamar babu wannan cikin. Tunda ba ki ambaci mahaifinsa ko kishiya ko wasu 'ya'ya ba, bari mu yi lissafin a kan waɗanda kika lissafa. Hajiya tana da sudusi, ɗaya cikin shida, naira miliyan 2, ko me aka haifa. Idan kika haifi namiji, ke kina da miliyan 1 da rabi, shi kuma ya kwashe ragowar miliyan 8 da rabi, 'yan'uwan mamacin ba su da ko kwabo, domin ɗa namiji yana katange su gaba ɗaya. Idan mace ce, rabonki bai canza ba, ita tana da rabin dukiyar, miliyan 6, sai ragowar miliyan 2 da rabi ta koma gare su, kowane namiji miliyan 1, ƙanwarsu dubu 500. Sai idan abin da ke cikinki bai zo da rai ba, Allah ya kiyaye, sannan za ki sami rubu'i, miliyan 3, su kuma su raba miliyan 7. Ki dubi waɗannan lissafai uku, ki ga wanne aka zaɓar miki, kuma wa ya fi amfana da shi.

Wannan bambanci shi ya sa a mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu na shari'a suke hukunci da ita, ba a raba gado matuƙar akwai cikin da zai iya gado. A Muhtasar na Shaihu Halil an faɗa a fili cewa ana dakatar da rabo saboda ciki. Wasu mazhabobin sun yarda a raba a ajiye wa cikin kaso mafi tsoka, amma babu wadda ta ce a yi kamar ba ya nan. Hoton asibiti ma ba ya ɗage wannan jira, domin ko ya nuna namiji ne ko mace, ba zai nuna zai zo da rai ba, kuma zuwa da rai shi ne sharaɗin gadonsa. Babbar alamar da malamanmu suka dogara da ita ita ce kukan jariri. Don haka ranar haihuwa ki tabbata akwai mata biyu amintattu a kusa, domin shaidarsu karɓaɓɓiya ce a kan haihuwa da kukan jariri. Idan ya yi kuka sannan rai ya yi halinsa, ya riga ya ci gado, kuma rabonsa zai gangaro ga nasa magadan, ciki har da ke.

Zancen fita daga gida kuwa, sadakar arba'in ba ta da wata alaƙa da takaba. Takabar mai ciki tana ƙarewa ne da haihuwa, ko ta zo kafin wata huɗu da kwana goma ko bayansu, kamar yadda aya ta 4 ta Suratud Ɗalaƙ ta nuna, kuma kamar yadda Annabi (SAW) ya yi wa Subai'a al-Aslamiyya fatawa da ta haihu kwanaki kaɗan bayan rasuwar mijinta. Idan gidan mallakarsa ne, ko na haya ne da ya riga ya biya, kina da hakkin zama a ciki har ki sauka, kuma ke kanki an umurce ki da ki yi takabarki a ɗakin da mutuwar ta same ki.

Game da ciyarwa, dole in gaya miki abin da ba za ki so ji ba. A Malikiyya mai takaba ba ta da hakkin ciyarwa daga dukiyar mamaci ko da tana da ciki, domin dukiyar ta zama ta magada. Bayan haihuwa za a ciyar da yaron daga nasa rabon. Amma idan akwai ragowar sadakinki da bai biya ba, bashi ne da ake fitarwa kafin gado, kuma kayan ɗakinki ba sa cikin abin da za a raba. Rashin wajibci kuma bai wanke danginsa ba. Ina kira ga duk mai karanta wannan shafi da ya taɓa zama a zauren rabon gado: ku ji tsoron Allah game da matan da ke cikin takaba. Mutumin da ya iya tuna makullin shago ana tsakiyar makoki, bai kamata ya manta da kwanon shinkafa ga matar ƙaninsa mai ciki ba.

Kada ki sa hannu ko ki dangwala yatsa a kowace takarda, kada kuma ki karɓi ko sisi da sunan rabonki. Ki sa mahaifinki ya tafi da malamin da ya san ilimin gado wurin Hajiya, tunda rabonta ba ya motsi a kowane hali, ita ce ta fi kowa iya faɗin gaskiya ba tare da an zarge ta ba. Idan suka dage, mahaifinki ya wakilce ki a kotun shari'a, ya nemi a dakatar da rabo da sayar da gidan, a kuma rubuta duk abin da mamacin ya bari a gaban shaidu, har da kayan da ke cikin shagon da cinikin da aka yi tun ranar da aka karɓi makullin. Zama baffa ba ya ba mutum ikon juya dukiyar maraya. Idan mijinki bai bar wasiyyi ba, alƙali ne zai naɗa wanda zai riƙe ta.