Me ya sa fomulata ke ba ni 1 alhali hanyoyin 3 ne?

"Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah a taimaka. An ce mu ƙirga hanyoyin shimfiɗa tayil a fili mai faɗin 2 tsawon n, da tayil 2×1 da kuma 2×2. Na samu a(n) = a(n-1) + 2a(n-2), na bi ta janaretin fankshin na fito da (2^n - (-1)^n)/3. Amma a n = 2 tana ba ni 1, ni kuma da na zana da hannu 3 na gani. Ina na ɓata?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka kwantar da hankalinka, rikarens ɗinka daidai yake, kuma ina kyautata zaton aljabarar ma ba ka ɓata ta ba. Inda matsalar take shi ne ka ɗauki a(0) = 0. Na gane haka ne saboda in ka sa n = 0 a fomularka sifili take bayarwa, kuma na daɗe ina koya wa yara wannan darasi, wallahi wannan kuskuren na fi gani, ni kaina na taɓa kwana ina bin lissafi layi-layi ina neman inda na yar da maines alhali tun layin farko na karkace.

Duba abin da fomularka ke fitarwa: 0, 1, 1, 3, 5, 11. Na gaskiyar kuma 1, 1, 3, 5, 11, 21. Ka ga lambobin iri ɗaya ne, naka ne dai ya makara da taki ɗaya. Duk sanda ka ga haka, lambobi daidai amma sun gusa, kar ka ɓata lokaci a ƙasan firakshin, je ka duba samansa, can lambobin farko suke zaune.

To me ya sa a(0) zai zama 1 bayan babu fili ma? Mutum yana ji kamar ai ba fili ba tayil, don haka sifili. Amma tambayar hanyoyi nawa ne, kuma akwai hanya guda ɗaya ta rufe filin da babu shi, wato kar ka sa komai. In wannan bai kwanta maka ba, bar rikarens ɗin ya faɗa maka da kansa. Ka zana ka ga a(2) = 3, tayil biyu a tsaye, ko biyu a kwance, ko babban nan guda ɗaya. a(1) = 1. Kenan 3 = 1 + 2a(0), dole a(0) ya zama 1.

Yanzu bari mu yi shi tun daga tushe. Muna rubuta janaretin fankshin ɗin haka

```
A(x) = a(0) + a(1)x + a(2)x^2 + a(3)x^3 + ...
```

Abin da nake so ka riƙe shi ne x ɗin nan ba wanda ake nema ba ne kamar a ikweshin. Ka ɗauki kowane x^n a matsayin ɗaki mai lamba n a ƙofa, a(n) shi ne mai zama a ciki. In ka ninka A(x) da x, kowa ya matsa ɗaki ɗaya gaba, in da x^2 ne kowa ya matsa biyu. Rikarens ɗin kuma maganar baya da ɗaya da baya da biyu yake yi, shi ya sa dabarar take ci.

Rikarens ɗin yana aiki ne daga n = 2 zuwa sama, nan ne wajen da ake son nutsuwa. Ka ninka kowane ɓangare da x^n ka tara daga n = 2. A hagu ba A(x) cikakke za ka samu ba, ɗakuna biyun farko ba sa ciki, sai ka cire su. Na a(n-1) shi ma ya fara ne daga a(1), don haka a(0) ba ya ciki. Na a(n-2) ne kaɗai ya fara daga a(0), shi cikakke ne.

```
A - a(0) - a(1)x = x(A - a(0)) + 2x^2 A
A(1 - x - 2x^2) = a(0) + (a(1) - a(0))x
```

Ka ga abin da na ce? Ƙasan firakshin daga rikarens yake zuwa, samansa daga lambobin farko. Kai da ka sa 0 da 1 samanka ya zama x, wato ka tura kowa ɗaki ɗaya gaba, makarar kenan. Da 1 da 1 kuwa x ɗin ya ɓace, sama ya zama 1 kawai.

```
A(x) = 1/(1 - x - 2x^2) = 1/((1 - 2x)(1 + x))
```

Sai a raba shi gida biyu, P/(1 - 2x) + Q/(1 + x). Don samun P ka rufe (1 - 2x) da yatsa ka sa x = 1/2 a abin da ya rage, 1 bisa 3/2, wato 2/3. Don Q ka rufe (1 + x) ka sa x = -1, ka samu 1/3. Kuma ka san 1/(1 - rx) shi ne 1 + rx + r^2x^2 haka har abada, mai zama a ɗaki n shi ne r^n. A na farko r = 2, a na biyu r = -1, kula da wannan maines ɗin don (1 + x) yana yaudarar ido. Ka haɗa su:

```
a(n) = (2^(n+1) + (-1)^n)/3
```

n = 2 ya ba da 9/3 = 3, abin da ka zana. n = 3 ya ba da 15/3 = 5, n = 10 kuma 2049/3 = 683. Waɗannan lambobin ana kiran su lambobin Jacobsthal, kuma abin da ya kamata ka sani shi ne asalin jerin daga 0, 1 yake farawa, fomularka ita ce tasu sak, ba shirme ka yi ba, ƙirgar tayil ɗin ce ta fara taki ɗaya gaba da su.

Akwai wani gwaji da nake matuƙar so, ranar da na fara nuna shi a aji wata ɗaliba sai da ta sake dannawa sau uku don ba ta yarda ba. Ɗauki kalkuleta ka sa x = 0.01 a A(x). Ƙasa zai zama 1 - 0.01 - 0.0002 = 0.9898. Danna 1 ÷ 0.9898, za ka ga 1.0103051121. Karanta bibbiyu bayan ɗigo: 01, 03, 05, 11, 21. Ga jerinka nan a fuskar kalkuleta kafin ma ka raba firakshin. Ni yanzu ba na wuce wannan matakin sai na gwada, don in A(x) ɗin ya karkace tun nan zan gani. Iyakarsa dai shi ne da lambobin sun kai 100 sai su fara shiga ɗakin juna, 171 zai taɓa 85 da ya zo kafinsa ya mai da shi 86, in kana son ƙari sai ka koma x = 0.001. Kuma x ƙarami ake so, daga 1/2 zuwa sama tarin ba ya tsayawa, ko da yake wannan bai shafi aljabarar da muka yi ba tunda can ba lamba muke sawa ba.

Abu ɗaya da zai iya tare ka a tambaya ta gaba, in ƙasan ya fito da abu ɗaya sau biyu, kamar (1 - 2x)^2, dabarar rufewa da yatsa kai tsaye ba za ta wadatar ba. A nan mai zama a ɗaki n na 1/(1 - 2x)^2 shi ne (n + 1)2^n, wato 1, 4, 12, 32. In ka haɗu da irinsa turo shi mu warware tare, amma ka fara gyara a(0) ka danna 1 ÷ 0.9898 ɗin ka gani da idonka.