Me ya sa manhajar zana hoto take ɓata rubutun jikin kwalba?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina sayar da yajin ƙuli a Aboabo, nan Kumasi. Na sa manhajar zana hoto ta yi mini kwalba mai ɗauke da YAJIN ƘULI, lambar wayata da jerin kayan haɗi. Kwalbar ta yi kyau, amma ta rubuta YAJIIN KULL, lambar kuma ba tawa ba ce. Sau tara ina maimaitawa. Wayata ce ko ni ce ban iya ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Wayarki lafiya lau take, domin a mafi yawan manhajojin nan ba a cikinta ake yin zanen ba, a kwamfutocin kamfanin ake yi a aiko miki.

Manhajar ba ta buga haruffa kamar yadda kike bugawa a WhatsApp, zana su take yi, kamar yadda take zana murfi da inuwa. Yawancinsu suna farawa da wani yamutsattsen hoto irin na talabijin da ya rasa tasha, sai su riƙa share shi kaɗan-kaɗan har siffa ta fito. Idan ƙwayoyin gyaɗar da ke gefen kwalba suka zama goma sha ɗaya maimakon goma, ba wanda zai lura. Idan sandar harafi ɗaya ta ƙaru ko ta lanƙwashe, I ya koma L, kowa zai gani. A wurinta kuskuren iri ɗaya ne.

Akwai kuma yadda take karanta abin da kika rubuta mata. Tana yayyanka jimla gunduwa-gunduwa, ta mayar da kowace gunduwa lamba, ba ta bin harafi bayan harafi. Kalmar Turanci da ta gani a jikin hotuna ba adadi, irin SALE, ta san kamanninta. YAJIN kuwa baƙuwa ce, sai ta yi hasashe. Ƙ, Ɗ da Ɓ sun fi shan wahala, don ba kasafai suke fitowa a hotunan da aka horar da ita da su ba. Ko ta yanke lanƙwasar, ko ta mayar da Ƙ ya zama R.

Dalilin da ya fi shafar lambar wayarki shi ne girma. Manhajoji irin Stable Diffusion suna yin zanen a matse, kowane gefe an rage shi sau 8, daga baya su buɗe shi. Hoto mai fiksel 1024 a faɗi, wato ƙananan ɗigogin da suka haɗu suka yi hoton, gida 128 ne kawai a wurin aikin. A ce takardar jikin kwalbarki ta ci fiksel 400. YAJIN ƘULI gurbi 10 ne har da tazarar tsakiya, kowane harafi ya samu fiksel 40, wato gida 5, kuma hakan ya isa a fitar da siffa. Layin kayan haɗi mai haruffa 40 fa? Kowanne fiksel 10, gida ɗaya da ɗan ɗoriya. Ba a zana harafi a gida ɗaya, shi ya sa ƙananan rubutu suke fitowa kamar tafiyar kiyashi. Ki ƙara da lanƙwasar kwalba da ƙyallin gilashi, abin ya daɗa lalacewa. Sababbin manhajoji, irin Ideogram da na cikin ChatGPT da Gemini, sun fi na da iya rubutu nesa ba kusa ba, amma har yanzu ƙananan haruffa da masu lanƙwasa sukan kayar da su.

Idan hoton talla kike so na sakawa a WhatsApp, ki rage mata kaya. Kalma biyu ko uku kawai, cikin alamar zance, da manyan haruffa masu kauri. Ki faɗi inda za su zauna, ki ce kwalbar ta fuskanci mai kallo kai tsaye kuma ta cika hoton. Yawancinsu sun fi gane umarni da Turanci:

```
Close-up product photo of a glass spice jar, front view.
Flat white label fills most of the frame.
Label text: "YAJIN KULI", bold black sans-serif capitals,
two lines, centered. This is the only text in the image.
```

Da gangan aka sa K mara lanƙwasa a nan, don a ga ko sauran haruffan za su fito daidai. Wasu manhajojin sukan gyaru idan kika ƙara layin da ke rarrabe kalmar, `spelled Y-A-J-I-N`, wasu kuma sai su zana har da ƙananan sandunan, don haka gwaji ne. Ki fitar da hoto huɗu, ki zuƙo kowanne, ki karanta daga harafin ƙarshe zuwa na farko, saboda ido yakan cike abin da ya saba gani. Idan harafi ɗaya ne ya karkace, kada ki sake hoton gaba ɗaya. Ki nemi wurin da aka rubuta `Edit` ko `Inpaint`, ki shafa yatsa a kan kalmar kaɗai ki sake rubuta ta. Bayan gwaji uku ba nasara, ki daina ƙona data.

Amma takardar da za a manna a kwalba a kai kasuwar Kejetia, shawarata kada manhajar ta rubuta ko harafi ɗaya a kanta. Ki ce ta ba ki `plain blank white label`. Wannan ya fi `no text` aiki, domin ambaton kalmar rubutu kan jawo wasunsu su watsa haruffan banza. Sai ki buɗe hoton a Canva ko PixelLab ki buga rubutun da hannunki. Ki sa Hausa a allon rubutun Gboard don samun Ƙ, ki zaɓi salon rubutu mai ɗauke da shi, irin Noto Sans. Idan kika ga ɗan akwati a gurbin harafin, ko ya bambanta da 'yan'uwansa a kauri, salon ba shi da shi, ki canza.

Lambar waya, nauyi, ranar ƙarewar aiki, lambar rajistar hukumar abinci da magunguna ta FDA da zanen sanduna da ake haskawa a kanti, duk a nan za ki saka na gaskiya. Wanda manhaja ta zana kama ce kawai, na'ura ba za ta karanta shi ba, lambar rajistar da ta ƙirƙiro kuwa tana iya jawo miki magana da hukuma.

Kafin ki je wurin masu ɗab'i, ki duba girma. Ana son ɗigo 300 a kowane inci, ke nan hoto mai fiksel 1024 bai wuce santimita 8.7 ba idan ana son ya fito tas. Ki auna kwalbar da tef ɗin tela, ki buɗe shafi mai wannan awon a Canva, ki fitar da shi a PDF.

Tambaya: Malam, ina da tambarin shagona tun tuni. Na ɗora shi na ce a sa a jikin jaka, sai ya fito a sauye. Daga Asawase.

Amsa: Ɗan'uwa, ba manna shi ta yi ba, kallonsa ta yi ta sake zanawa, kuma kowane zagaye da irin sauyin da zai zo da shi. Ka sa ta zana jakar babu komai a jiki, ka karɓi tambarin a PNG mara bango daga wanda ya yi maka shi, ko SVG idan za a buga shi babba, ka ɗora da kanka. Ka ɗan rage masa ƙarfi zuwa kashi 90 cikin ɗari don saƙar jakar ta ɗan bayyana ta ƙarƙashinsa, in ba haka ba zai yi kamar an liƙa sitika.