Mun sauya kason rabo a tsakiyar shekara, yaya za a raba ribar?

Tambaya: Ni da abokina muke kasuwanci tare. Jarina 2,000,000, nasa 1,000,000, kuma kowa yana da ruwan jari kashi 6 cikin ɗari a shekara. Da muna raba riba ina ɗaukar kashi biyu shi ɗaya, yana kuma da albashin 20,000 duk wata don shi ke kula da harka. Ran 1 ga Oktoba muka amince a daina albashin, mu koma raba daidai. Ribar shekara daga Janairu zuwa Disamba ta kama 1,200,000. Mai yi mana lissafi ya cire albashin wata tara da ruwan jari, ya raba saura biyu. Da aka haɗa wa kowa duk nasa, na tashi da 540,000, abokina 660,000. Raina bai kwanta ba, kuma ba na son in zargi mutum da abin da bai yi ba. An ƙware ni, ko haka abin yake?

Amsa: Malam, an ƙware ka, amma kada ka yi saurin kama abokinka da laifi. Alƙalamin mai lissafin ne ya karkace. Ya ɗauki kason da kuka ƙulla a Oktoba ya maida shi baya har Janairu, alhali wata tara na farko a ƙarƙashin tsohuwar yarjejeniya aka ci ribarsu.

Shekararku gida biyu ce, don haka asusun rabon riba ma gida biyu za a yi masa. In muka ɗauka ribar ta shigo daidai wa daida kowane wata, wata tara na farko sun samar da 900,000. A ciki za a fara fitar da albashin abokinka, 180,000. Sai ruwan jari na wata tara kaɗai, wato kashi uku cikin huɗu na shekara: naka 90,000, nasa 45,000. Abin da ya rage 585,000 ne, kuma shi ne ake rabawa biyu da ɗaya. Kai 390,000, shi 195,000.

Wata uku na ƙarshe sun samar da 300,000. Babu albashi. Ruwan jarinka 30,000, nasa 15,000, saura 255,000, a raba daidai kowa 127,500. In ka tara naka za ka ga 637,500, na abokinka 562,500. Haɗa su ka gani ko sun koma 1,200,000. In ba su koma ba akwai inda aka yi tuntuɓe. Tsakanin abin da aka rubuta maka da haƙƙinka akwai 97,500.

Ga hanyar gane inda kuɗin nan suka bi ba tare da sake dogon lissafi ba. Da kana da biyu bisa uku, yanzu kana da rabi. Abin da ka sarayar shi ne ɗaya bisa shida. Ɗaya bisa shida na 585,000 kuwa 97,500 ne cif.

Wannan kuskure kullum sai ya zo gabanmu, kuma abin haushin shi ne masu yin sa da ƙarfin gwiwa suke yi. Hujjarsu ita ce wai riba ba ta tabbata sai ranar da aka rufe littafi, saboda haka kason da ke aiki a ranar shi ke mulkin shekara duka. Wannan zance ba shi da tushe. Ran 31 ga Disamba ana ƙirga riba ne kawai, ba ranar aka same ta ba. Kayan da aka sayar a Maris, a Maris aka ci ribarsu, lokacin da kai ke ɗauke da biyu bisa uku na kasada. A juya maganar a gani. Da a wata taran nan asara aka tafka, abokinka zai yarda a ce ya ɗauki rabinta don an koma raba daidai a Oktoba? Da sauri zai zaro tsohuwar takarda ya nuna cewa ɗaya bisa uku ne nasa, kuma da gaskiyarsa. To ma'aunin da za a auna asara da shi, da shi ake auna riba.

A lissafinku ma ɓarnar ta ninku, kuma nan ne ya kamata mai lissafin ya farga. An ba abokinka ƙarin kaso ne a madadin albashin da ya bari. Amma a takardar da aka miƙo muku ya karɓi albashin Janairu zuwa Satumba, ya kuma ci sabon kaso a kan waɗannan watanni dai. An haɗa masa daɗin tsohuwar yarjejeniya da na sabuwa a lokaci guda, kai kuma an bar ka da nauyin kowacce. Babu ranar da kuka taɓa amincewa da wannan haɗin. Mai lissafin ya tuna da ranar 1 ga Oktoba da ya zo kan albashi, shi ya sa ya tsaya a wata tara, sai ya manta da ita da ya zo kan rabo. Galibi ba mugunta ke kawo wannan ba, ganda ce: layi ɗaya na raba biyu ya fi sauƙin rubutawa da a ja ginshiƙi biyu. Mutum ya iya shigar da ciniki da kashe-kashe a littafi, sai a ɗauka ya iya rabon riba, alhali wannan aikin karanta yarjejeniya ne kafin ya zama aikin tarawa da ɗebewa. Ka tambaye shi ko ya karanta takardarku kafin ya raba. Sau da yawa amsar ita ce an dai faɗa masa da baki cewa yanzu rabi da rabi ne.

Akwai hali ɗaya tak da sabon kaso ke komawa baya: idan kun rubuta ƙarara cewa zai fara aiki daga 1 ga Janairu. Abokan haɗin jari suna da ikon ƙulla hakan in duk sun yarda. Sai dai ko a nan dole a tambaya, albashin da aka riga aka karɓa fa? In kason ya koma baya, mafi kusa da hankali shi ne sokewar albashin ma ta koma baya, 180,000 ɗin nan su zama kuɗin da ya zara daga rabonsa. Saboda haka ka buɗe takardar Oktoba ka nemi ranar fara aiki. In babu wata magana a kan baya, daga ranar da kuka amince take ci.

Kada kuma ka riƙe 97,500 a matsayin adadin da ba ya motsi, don na gina shi ne a kan zaton cewa watanni duk ɗaya suke. Ana raba riba bisa yawan watanni ne idan babu abin da ya fi shi. In cinikinku na da lokacin da yake tashi, kuma littafinku na iya nuna ribar kowane zango, to ainihin adadin ake bi. A ce wata tara na farko sun kawo 750,000, wata ukun ƙarshe 450,000. Saura a zangon farko zai zama 435,000, naka 290,000. Saura a zango na biyu 405,000, naka 202,500. Da ruwan jarinka 120,000 ka tashi da 612,500, abokinka 587,500. Ka ga abin da za a maido maka ya sauko zuwa 72,500. Idan ba a ƙirga kaya a ƙarshen Satumba ba, yadda ake yi shi ne a raba ribar ciniki gwargwadon abin da aka sayar a kowane zango, haya da albashin ma'aikata da faɗuwar darajar kayan aiki a raba su bisa watanni, sannan abin da aka san lokacin aukuwarsa, kamar bashin da ya mutu a Nuwamba, a ajiye shi a zangonsa.

Kafin ka amince da 1,200,000 ɗin ma, duba abu guda. Albashin abokin haɗin jari ba irin na ma'aikaci ba ne, hanya ce ta rabon riba, haka ma ruwan jari. Ba sa shiga cikin kashe-kashen kasuwanci. In ka tarar an riga an zuba 180,000 a layin albashin ma'aikata, to ainihin ribar 1,380,000 ce, sai a maido su sama a sake lissafi daga farko, in ba haka ba an cire su sau biyu. Kuma in abokinka ya riga ya karɓi albashin hannu wata-wata, za a rubuta masa shi a asusunsa a kuma cire shi a matsayin abin da ya zara, kada a sake biyansa. Albashin abokin haɗin jari da ruwan jari, yarjejeniya ce ke haifar da su. Dokar haɗin jari ta Birtaniya ta 1890, wadda ƙasashe da dama suka gaji tsarinta, ta ce a sashe na 24 idan abokai ba su ƙulla wani abu ba, babu albashi, babu ruwan jari, riba da asara kuma daidai ake rabawa.

Saura batun da tambayarka ba ta taɓo ba. Ɗaya bisa shidan da ka sarayar ba a ribar gaba kaɗai ya tsaya ba, ya shafi darajar sunan kasuwancin da duk wata kadara da ta yi tsada fiye da yadda take a littafi. A ƙa'ida, ranar sauya kaso ana kimanta su, a rubuta wa abokai ƙarin da tsohon kaso. In an ƙiyasta darajar suna 600,000, za a rubuta maka 400,000 shi 200,000, in ba a son ta zauna a littafi a share ta da sabon kaso, kowa 300,000. Jarinka ya ƙaru da 100,000, nasa ya ragu da 100,000, kuma ruwan jarin wata ukun ƙarshe zai ɗan motsa. Mai yiwuwa kun ɗauki barin albashin a matsayin diyyar wannan, to in haka ne a rubuta shi, don kada maganar ta taso ranar rabuwa.

Gyaran kansa ba ya bukatar a taɓa ribar kasuwanci ko a buɗe sabon littafi. Ku zauna ku uku da takardar Oktoba, ku tsayar da yadda za a raba shekarar, bisa watanni ko bisa ainihin ribar zango. Sannan a yi shigarwa guda: a ɗebe adadin daga asusun yau da kullum na abokinka, wato inda ake rubuta rabonsa da abin da ya zara, a zuba a naka, a rubuta dalili a ƙasa, ku biyu ku sa hannu.